Wace irin miƙa magana za ka zaɓa a zaman tattaunawa kan rashin aikin yi ga matasa?

Wanda aka ba jagorancin zaman tattaunawa yakan ƙarar da lokacin shirinsa a kan tambayoyi da tarihin baƙi, ya bar 'yan kalaman da zai faɗa tsakanin baƙo da baƙo sai abin da ya zo bakinsa. Daga nan ne zama kan fara warwarewa: kowane baƙo ya karanta abin da ya taho da shi daga gida, kamar bai ji na gabansa ba. A batun rashin aikin yi abin ya fi muni, domin mutanen da ake haɗawa a tebur ɗaya ba abu ɗaya suke nufi da "aiki" ba. Jami'in gwamnati yana lissafin waɗanda aka horar, mai masana'anta yana lissafin waɗanda zai iya biya a ƙarshen wata, matashin da ke zaune a ƙasa kuma yana jiran takardar kama aiki.

Hanyoyi biyar ake bi wajen haɗa masu magana: miƙawa kai tsaye, taƙaitawa kafin miƙawa, tambaya daga bakin wanda ya gama, karin magana, da shiga da alƙaluma. Domin a auna su a kan abu guda, bari mu ɗauki zama na minti 90 a wani ɗakin taro a Kano. Baƙi huɗu ne: malamar jami'a masaniyar tattalin arziki, jami'i daga wata hukumar gwamnati mai kula da horar da matasa, mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, da matashiyar da ta gama hidimar ƙasa ba ta samu aiki ba. An raba zaman kashi uku: girman matsalar, abin da aka riga aka gwada, da mafita.

Abin da za a auna da shi

Na farko shi ne tsada, kuma kuɗin da ake biya a nan lokaci ne. A cire minti 5 na buɗewa, minti 48 na baƙi (kowa minti 4 a kowane kashi), minti 25 na tambayoyin mahalarta, da minti 5 na rufewa. Abin da ya rage minti 7 ne, wato daƙiƙa 420. Wuraren da jagora zai haɗa magana kuwa 13 ne: tara a cikin kasusuwan uku, biyu tsakanin kashi da kashi, ɗaya wajen buɗe fili ga mahalarta, ɗaya wajen dawowa a rufe. Kowanne ya samu daƙiƙa 32 ke nan. Jagoran da ke cin minti guda a kowace miƙawa ya wuce da minti shida, kuma kusan kullum daga lokacin tambayoyi ake yanke su, wato daga rabon matasan da aka shirya zaman dominsu.

Na biyu ƙarko: sau nawa za a maimaita salon kafin kunne ya gaji da shi. Na uku sauƙi: shin ana iya rubuta shi tun daga gida, ko sai an ƙirƙira shi nan take ana saurare. Na huɗu haɗari: yiwuwar a sa wa baƙo maganar da bai faɗa ba, a muzanta wani, ko jagora ya bayyana kamar ya ɗauki ɓangare.

Miƙawa kai tsaye

"Mun gode, Dakta. Yallaɓai, bisimilla." Daƙiƙa biyar zuwa goma, ba ta bukatar shiri, ba ta ɓata wa kowa rai. Aibinta shi ne ba ta ɗauko komai daga maganar da ta gabata ba, don haka baƙo na gaba ya samu damar fara nasa jawabin daga tushe, da gaisuwa ga manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Idan aka yi ta sau uku a jere, mahalarta sun gane layi ake bi, sai su koma kan wayoyinsu har a zo kan wanda suke jira.

Wani haɗarinta kuma yana cikin laƙabi. Ana yawan jin jagora ya ce "Ranki ya daɗe, Dakta", "Yallaɓai Darakta", "Alhaji", sannan da aka zo kan matashiyar sai ya ce "bari mu ji daga ƙanwarmu". Da niyyar kirki ake faɗa, amma an riga an sauke ta daga matsayin baƙuwa zuwa na yarinyar da aka ba dama. A kira ta "Malama" kamar kowa, a kuma tambayi kowane baƙo kafin a hau yadda yake so a kira shi.

Taƙaitawa kafin miƙawa

A nan jagora yana tattara abin da aka faɗa cikin jimla biyu ko uku, sannan ya buɗe ƙofar abin da ke tafe. Misali, a ƙarshen kashi na farko: "To, jama'a, abu biyu muka ji. Dakta ta ce mafi yawan matasanmu suna aiki, sai dai aikin ba ya ciyar da su. Alhaji ya ce shi kuma yana neman masu iya gyaran inji bai samu ba. Mu riƙe waɗannan biyun, mu duba shirye-shiryen da aka yi a baya, mu ga wanne daga ciki suka taɓa."

Wannan tana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, kuma ba a iya rubuta ta daga gida. Dole jagora ya riƙe biro, ya rubuta kalma uku ko huɗu a gaban sunan kowane baƙo yayin da yake magana. Amfaninta babba ne ga wanda ya shigo a makare da mai saurare ta rediyo, domin tana gaya musu inda aka kwana. Amma ba ta da ƙarko ko kaɗan idan aka sa ta bayan kowane baƙo: mutane sun ji maganar da kunnensu minti ɗaya da ya wuce, maimaita musu ita cin lokaci ne.

Babban haɗarinta shi ne canza magana. Jami'i ya ce "mun horar da matasa", jagora ya taƙaita da "sun samar wa matasa aiki". Tsakanin horarwa da samun aiki ne duk gardamar zaman take, kuma jagora ya share ta da kalma ɗaya. Alamar an yi wannan kuskure ita ce baƙo ya miƙa hannu ga makirufo yana cewa "a'a, ba haka na ce ba", ko guna-guni ya tashi daga bayan ɗaki. Maganinsa a yi amfani da ainihin kalmar da baƙon ya furta, a kuma rufe da "ko ba haka ba, Yallaɓai?" idan akwai shakka.

Tambaya daga bakin wanda ya gama

Wannan ita ce ta fi cancanta a daɗe a kanta, domin ita kaɗai ke tilasta wa baƙi su amsa wa juna. Gininta kashi uku ne: a ɗauko abu guda daga maganar da aka gama, a ambaci wanda ake miƙa wa, a yi masa tambaya ɗaya da shi ne ya fi kowa sanin amsarta. Daƙiƙa 15 zuwa 25 sun isa.

A ce jami'in ya gama bayanin shirin N-Power, wanda aka fara a 2016, aka riƙa biyan masu digiri naira 30,000 a wata. Miƙawa kai tsaye za ta ce: "Mun gode. Alhaji, me za ka ce?" Alhaji kuwa zai koma kan kukan wutar lantarki da ya shirya tun daga gida. Tambaya daga bakin wanda ya gama za ta ce: "Alhaji, Yallaɓai ya ambaci matasan da suka bi ta wannan shiri. Wanda ya fito daga ciki ya zo ƙofar masana'antarka, me kake dubawa kafin ka ɗauke shi?" Yanzu dole Alhaji ya taɓa maganar jami'in. Idan ya amsa cewa shi takarda ba ta dame shi ba, hannu yake dubawa, an samu abin miƙa wa matashiyar: "Malama, Alhaji ya ce hannu yake dubawa. A shekarar da kika yi kina hidimar ƙasa an koya muku sana'a. Ranar da alawus ɗin ya tsaya, me kika iya yi da abin da aka koya miki?"

A lura da abubuwa uku a cikin waɗannan misalai. Sunan wanda ake tambaya yana zuwa a farko, domin ya farga ya saurari tambayar gaba ɗaya. Idan aka bar sunan sai ƙarshe, sau da yawa baƙo zai ce a maimaita. Tambayar ɗaya ce tak. In aka jero biyu, baƙo zai zaɓi mai sauƙin ya bar mai nauyin. Kuma ba tambayar "e" ko "a'a" ba ce, ba kuma mai faɗin da za a iya amsa ta da kowane jawabi ba, irin "me za ka ce game da wannan matsala?"

Tana da ƙarko fiye da sauran, domin kalamanta suna canzawa da kowace magana. Ana iya yin ta sau bakwai ko takwas ba a gaji ba. Wahalarta saurare ne. Jagoran da ke duban agogo, yana karɓar 'yan takardu daga masu shirya taro, yana kuma tunanin tambayarsa ta gaba, zai wayi gari baƙo ya yi shiru ba shi da abin ɗaukowa. Saboda haka ake rubuta tambayar ajiya guda ga kowane baƙo a kowane kashi, 12 ke nan, a koma gare ta idan ba a kama komai ba.

Haɗarinta shi ne ta zama haɗa faɗa. "Yallaɓai, Malama ta ce shirinku bai amfane ta da komai ba, me za ka ce?" Wannan ya jefa jami'in cikin kare kai, ya kuma jefa matashiyar cikin rigima da babban mutum a bainar jama'a, alhali wataƙila gobe ofishinsa za ta je neman tallafi. A juya tambayar ta koma kan tsari: "Yallaɓai, wanda ya gama horo ba shi da jarin sayen kayan aiki, wace ƙofa ce a buɗe gare shi a hukumarku?" Ƙorafin nata ne dai aka isar, amma ba a ɗora shi a wuyanta ba.

Karin magana

Ba abin da ke farkar da ɗaki kamar karin magana da ya faɗo daidai wurinsa, kuma daƙiƙa goma ya ishe shi. Wajen miƙa wa matashiyar: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malama, ke ce a cikin ɗakin." Wajen buɗe fili ga mahalarta: "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, yanzu sai mu ji daga matasan da ke zaune." Ana iya tanadar su tun daga gida.

Sai dai karin magana hukunci ne, kuma a wannan batu yawancin waɗanda suka fi saurin zuwa baki suna ɗora laifi a kan mara aiki. "Babu maraya sai rago" da "da zaman banza gara aikin kishiya" suna gaya wa mai digirin da ya shekara uku yana kai takardu cewa lalaci ne ya zaunar da shi. "Zafin nema ba ya kawo samu" kuma, a bakin jagora, kamar cewa ne a haƙura a daina tambaya. A ɗaya ɓangaren, idan jami'i ya gama jera alƙawura jagora ya ce "an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa", ɗaki zai yi tafi, amma jagora ya zama ɗan adawa, jami'in kuma ba zai ƙara sakin jiki ba har a tashi. Baƙo yana da 'yancin faɗin kowanne daga cikin waɗannan. Jagora ne ba shi da shi. Ƙarkonsa ma kaɗan ne: sau biyu a zama ɗaya ya isa, na uku ya fara mayar da hankali kan iya bakin jagora.

Shiga da alƙaluma

Ana buɗe sabon kashi da adadi guda, a nemi baƙo ya fassara shi. Tana ba zama nauyi, tana hana a yi ta yawo a kan "matsalar ta yi yawa". Amma a Najeriya akwai rami a nan da ya kamata kowane jagora ya sani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 cikin 100 a matsayin yawan marasa aiki a watanni ukun ƙarshe na 2020, na matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 kuma kashi 42.5. A 2023 hukumar ta canza hanyar lissafi, ta ba da kashi 4.1 na watanni ukun farko na shekarar. Ba ayyuka ne suka samu ba. A tsohon lissafi, wanda ke aiki ƙasa da awa 20 a mako mara aiki ne. A sabon, wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a cikin kwana bakwai ana ƙirga shi cikin masu aiki. Matashin da ya karɓi adaidaita sahun abokinsa ya yi jigila ranar Juma'a kaɗai ya fita daga sahun marasa aiki ke nan.

Jagoran da ya ce "rashin aiki ya sauka daga 33 zuwa 4" ya faɗi abin da ba haka yake ba, wanda kuma ya jefa ɗaya daga cikin adadin ba shekara ba bayani ya buɗe gardamar da za ta cinye kashin gaba ɗaya. Hanya mai kyau ita ce a mayar da saɓanin kansa ya zama miƙawar: "Dakta, hukuma ɗaya ta ba mu kashi 33.3 a 2020, ta ba mu 4.1 a 2023 bayan ta canza ma'auni. Wanda ke zaune a nan ba shi da albashi, a wane lissafin zai ga kansa?" Wannan na cin daƙiƙa 30 zuwa 40, kuma masaniyar tattalin arzikin kaɗai ake miƙa wa ita, idan aka jefa wa mai masana'anta ko matashiyar, an kunyata su a kan abin da ba fanninsu ba. A kuma daidaita tun kafin zama wane ne "matashi", domin manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta tsaya a shekara 15 zuwa 29, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka kuma ta kai 35. Sau ɗaya ko biyu ake yin wannan salo. Kunne ba ya riƙe adadi fiye da haka.

| Salo | Lokaci (daƙiƙa) | Sau nawa a zama | Shiri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Miƙawa kai tsaye | 5–10 | 2–3, ba a jere ba | Sanin laƙabin kowa | Baƙi ba sa amsa wa juna |
| Taƙaitawa | 40–60 | 3–4 | Rubutu yayin saurare | Canza maganar baƙo |
| Tambaya daga bakin wanda ya gama | 15–25 | 7–8 | Saurare da tambayoyin ajiya | Haɗa baƙi faɗa |
| Karin magana | 10 | 1–2 | Zaɓe daga gida | Ɗora laifi ko ɗaukar ɓangare |
| Alƙaluma | 30–40 | 1–2 | Tantance shekara da ma'auni | Gardamar adadi |

Yadda za a raba su a zaman minti 90

Manyan gaɓoɓi huɗu, wato biyun da ke tsakanin kasusuwa, buɗe fili, da dawowa a rufe, a ba kowacce daƙiƙa 50: 200 ke nan. Ƙananan tara a ba kowacce daƙiƙa 20: 180. Jimla 380, an bar 40 na ko-ta-kwana. A ƙananan, bakwai su zama tambaya, biyu miƙawa kai tsaye, musamman inda baƙo ya riga ya ambaci na kusa da shi da kansa, ko inda aka ga wani yana ɗaga hannu zai mayar da martani. Alƙaluman su shiga cikin minti biyar na buɗewa, a matsayin tambayar farko ga Dakta. Taƙaitawa ta riƙe tsakanin kasusuwa, karin magana guda ya buɗe fili.

Akwai wata miƙawar da ba ta cikin biyar ɗin amma babu zaman da ba a bukatarta: katse wanda ya wuce lokacinsa. Katse babba a gaban jama'a abu ne mai nauyi a wurinmu, shi ya sa ake sanar da ƙa'idar minti huɗu tun a buɗewa, a gaban kowa, domin in lokaci ya yi ƙa'ida ce ta katse shi. A jira ya ja numfashi a ƙarshen jimla, a shiga da kalmarsa: "A gafarce ni, Alhaji, wannan maganar kuɗin dizal da ka kawo ita nake so Yallaɓai ya amsa kafin ta huce." An karɓe makirufo, an kuma nuna masa maganarsa ce ta jawo hakan.

Wanne ya dace da wa

Wanda wannan ne karonsa na farko ya dogara da tambayoyin ajiya 12 da ya rubuta, ya haɗa da miƙawa kai tsaye, ya yi taƙaitawa sau biyu kacal a tsakanin kasusuwa. Ya bar karin magana sai ya saba da karanta fuskar ɗaki. Zaman da ake watsawa ta rediyo yana bukatar taƙaitawa fiye da na ɗaki, tare da maimaita suna da matsayin baƙo a kowace miƙawa, tunda mai saurare ba ya ganin wanda ke magana kuma yana iya kamo tashar a tsakiya. Idan akwai jami'in gwamnati a tebur kuma ɗakin cike yake da matasa masu jin zafi, tambayar da ke kan tsari ita ce mafi aminci, karin magana kuwa a ajiye shi gaba ɗaya. Zaman jami'a ko na masu tsara manufofi yana ɗaukar alƙaluma sau biyu, muddin an ambaci shekara da ma'auni. Taron unguwa ko na ƙungiyar masu sana'a, inda akwai dattawa da masu unguwa, ya fi karɓar karin magana da cikakken laƙabi, sai a rage adadi zuwa abin da mutane ke lissafawa da kansu, kamar kuɗin koyon sana'a da jarin farawa. Zama gajere na minti 45 kuwa ba shi da wurin taƙaitawa sai sau ɗaya, dab da buɗe fili ga mahalarta. Sauran duka a yi su da tambaya.